Yadda ake karanta yawan ruwa a hoton silindar awo ba tare da lanƙwasar ruwa ko kusurwar kyamara ta yaudare ka ba

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, ɗalibai sun saba turo mini hoton silindar awo ta waya, su ce in tabbatar musu da adadin da suka rubuta. Wani zai ce mililita 67 ya gani, abokinsa ya ce 66, ni kuma in duba in ga cewa ruwan bai kai ko ɗaya daga cikin biyun ba. Dukansu idonsu lafiya. Abin da ya faru shi ne, hoto yana daskarar da wurin da kyamara ta tsaya. Idan kana gaban silinda, kana iya durƙusawa ka daidaita idonka da saman ruwan. A hoto wannan damar ta wuce, duk kuskuren da mai ɗauka ya yi yana nan manne. Don haka kafin ka tambayi hoto ina ruwa ya tsaya, fara tambayarsa ina kyamara ta tsaya. Hoton da kansa yana ɗauke da amsar, kuma ita zan nuna yadda ake ciro ta.

Zan yi amfani da silindar gilashi mai ɗaukar mililita 100, wadda aka zuba wa ruwa zalla, domin ita ce aka fi samu a makarantun sakandare da ɗakunan gwaji.

Mataki na farko: san darajar kowane layi

Kada ka ɗauka cewa kowane ƙaramin layi mililita ɗaya ne. Nemi lambobi biyu da ke maƙwabtaka, misali 60 da 70, ka cire ƙarami daga babba, sannan ka ƙirga tazarar da ke tsakaninsu. Tazara za ka ƙirga, ba layuka ba, domin tsakanin 60 da 70 akwai ƙananan layuka tara amma tazara goma. Goma a raba da goma, kowace tazara mililita 1. A silinda mai mililita 250 yawanci tazarar 2 ce, mai 500 kuma 5, mai lita ɗaya 10, mai 25 kuwa 0.5. Na sha ganin ɗalibi ya karanta silinda mai 250 da lissafin mai 100, ya ƙirga layi uku sama da 150 ya rubuta 153 alhali 156 ne.

Idan saman silindar ya fito a hoton, karanta rubutun da ke jikinsa. Za ka iya ganin wani abu kamar `100:1 mL`, da `20 °C`, da harafin `A` ko `B`, da kuma `In` ko `Ex`. Na farkon yana nufin mililita 100 aka rarraba ɗaya-ɗaya, na biyun kuma zafin da aka auna silindar a kai. Harafin kuma aji ne na inganci: a wannan girman, ajin `A` an yarda ya kauce da rabin mililita sama ko ƙasa, ajin `B` kuma da mililita ɗaya cur. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne iyakar abin da gilashin kansa ya yi alkawari. `In` na nufin an auna ta kan abin da take riƙe da shi, `Ex` kuma kan abin da ke fita idan an juye.

Ka kuma duba inda lambobin suka dosa. A silinda suna ƙaruwa ne daga ƙasa zuwa sama. Idan ka ga suna ƙaruwa zuwa ƙasa, to biret ne aka ɗauko maka, wato dogon bututun awo mai famfo a ƙasa, kuma ƙirgarsa a juye take.

Mataki na biyu: gane gindin lanƙwasar

Ruwa a cikin gilashi mai tsabta ba ya kwanciya shimfiɗe. Yana kama jikin gilashin ya ɗan hau ta gefe, tsakiya kuma ta lotsa kamar cikin ƙwarya. Wannan lanƙwasar ce ake kira meniskos. An tsara layukan silinda ne a kan cewa za a karanta wurin da ya fi kowane ƙasa, wato gindin ƙwaryar, a tsakiya.

A hoto ba ka ganin layi ɗaya siriri. Abin da za ka gani ɗauri ne mai ɗan kauri, mai duhu-duhu, wanda ke da baki biyu. Bakin sama shi ne inda ruwa ya hau jikin gilashi ya tsaya. Bakin ƙasa, wanda ya ɗan tanƙwaro a tsakiya, shi ne abin nema. Kaurin ɗaurin nan kan kai milimita biyu zuwa uku, kuma a silindarmu hakan ya fi mililita ɗaya. Wanda ya karanta bakin sama ya riga ya ƙara wa kansa wannan adadin tun kafin a zo maganar kusurwa.

Abin da ke ruɗa mutane a hoto shi ne ƙyalli. Idan an kunna filasha, ko taga tana bayan mai ɗauka, wani farin layi kan fito a cikin ɗaurin, ido kuma yana son fari. Kada ka bi shi. Bi bakin duhun daga gefen hagu, ka ga yadda yake gangarowa zuwa tsakiya ya sake hawa ta dama. Inda gangarar ta ƙare, nan ne wurin karatu.

Wannan ƙa'idar tana da inda ba ta aiki. Zaiba ba ta jiƙa gilashi, samanta tudu yake yi, don haka ƙololuwar tudun ake karantawa. A silindar roba ruwa kan kwanta kusan a miƙe, ɗaurin ya zama siriri, wanda hakan sauƙi ne ga mai karanta hoto. Ruwa mai duhu ko mai kauri, irin zoɓo mai ƙarfi, madara, ko ruwan famanganet mai launin shunayya, ba ya barin a ga gindin lanƙwasar, sai dai a karanta bakin sama. Idan ka yi haka, rubuta cewa bakin sama ka karanta, kuma duk sauran awon da za a kwatanta da shi a karanta su ta hanya ɗaya. Idan kuma ka ga lanƙwasar ta karkace, gefe ɗaya ya hau ɗaya bai hau ba, ko ɗigo-ɗigon ruwa sun manne a jikin gilashin daga sama, to akwai maiƙo a silindar. Ruwan da ke cikin waɗannan ɗigon bai shiga karatun ba, kuma siffar lanƙwasar ba ita ce wadda aka tsara layukan a kanta ba.

Mataki na uku: gano inda kyamara ta tsaya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne asalin aikin.

Layukan awo suna jikin gilashi ta gaba. Gindin lanƙwasar kuma yana can tsakiyar silinda, wato akwai tazarar rabin faɗin silinda tsakaninsu. Idan idon kyamara yana daidai da saman ruwa, layin kallo a kwance yake, sai ya ratsa gilashin a daidai tsayin ruwan. Idan kyamara tana sama, layin kallo yana gangarowa ne, don haka sai ya ratsa gilashin gaba a wani wuri da ya fi ruwan tsayi kafin ya isa tsakiya, adadin da za ka karanta ya fi na gaskiya. Idan tana ƙasa, akasin haka, adadin ya ragu. Wannan ne kuskuren faralaks. Ka iya gwada shi yanzu: miƙa yatsanka gaban fuska, ka ɗaga kai ka sunkuyar, za ka ga yatsan yana sauya wuri a jikin bango alhali bai motsa ba.

Girman kuskuren yana da lissafi mai sauƙi:

```
e = r × (h ÷ d)
```

A nan `e` shi ne kuskuren, `r` rabin faɗin silinda ne, `h` shi ne yadda idon kyamara ya fi saman ruwa tsayi ko ya gaza shi, `d` kuma nisan kyamara daga silinda. A ce faɗin cikin silindar milimita 27 ne, to `r` ya zama 13.5, kuma kowace mililita ɗaya tana cin kusan milimita 1.75 na tsayi. Mai ɗauka ya tsaya a nisan santimita 30, idon kyamara kuma ya ɗara ruwan da santimita 5 kacal. Biyar a raba da talatin, a ninka da 13.5, ya ba da milimita 2.25, wato kimanin mililita 1.3. Santimita biyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma kuskuren da ta haifar ya ninka abin da aka yarda wa gilashin ajin `A` fiye da sau biyu. Idan layin kallo ya bi ta cikin ruwa, ruwan yana karya haske ya rage kuskuren da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma bai kawar da shi ba.

Lura cewa a lissafin nan babu maganar karkata waya. Mutane da yawa suna tsammanin idan sun miƙe wayar tsaye cak, sun tsira. Abin da ke da tasiri shi ne tsayin da idon kyamara yake. Waya tana iya tsayawa a miƙe amma idonta yana sama da ruwa, musamman da yake idon yana can saman bayan wayar, ba a tsakiyar allon da kake kallo ba.

To yaya za ka gane tsayin kyamara daga hoto? Dubi siffar layukan. Kowane layin awo ɓangare ne na da'ira da ta kewaye silinda. Layin da ke ƙasa da idon kyamara zai bayyana da tsakiyarsa ta lotsa ƙasa, gefunansa sun ɗaga, kamar kwano a ajiye. Layin da ke sama da idon kyamara zai bayyana kamar kwano a kife. Tsakanin waɗannan akwai layi ɗaya da ya miƙe sarai, kuma wannan layin shi ne tsayin kyamara. Bi layukan daga ƙasa zuwa sama har ka same shi. Idan ya faɗo kusa da saman ruwa, hoton mai kyau ne. Idan ruwa yana wajen 66 amma layin da ya miƙe yana wajen 95, kyamara tana sama sosai. Idan duk layukan kwano ne a ajiye har bakin silinda, an ɗauki hoton ne a tsaye ana leƙowa, kuma shi ne irin wanda aka fi turo mini.

Silindu masu kyau suna da manyan layuka da suka zagaye gilashin kamar zobe, ko suka kusa zagayewa. An yi su ne saboda wannan aikin. Idan kallo ya daidaita, gaban zoben da bayansa suna haɗuwa su zama layi ɗaya. Idan bai daidaita ba, zoben yana buɗewa ya yi siffar ƙwai. Saman ruwan ma haka: muddin kana hango fuskarsa kamar faifai, ko kana hango ƙasansa yana sheƙi kamar madubi, ba ka kan daidai.

Mataki na huɗu: bambance karkatar hoto da karkatar silinda

Idan hoton ne ya karkace, silinda da ruwa da layuka duk sun karkata tare, saman ruwa yana nan a jere da layukan. Wannan ba matsala ba ce, juya hoton kawai. Idan kuwa saman ruwa ya yanka layukan a karkace, gefen hagu yana kan 65 na dama yana kan 67, to silindar ce ba ta zauna daidai ba, ko an riƙe ta a hannu. Karkatar hagu da dama tana da sauƙi, domin tsakiyar ruwan ba ta sauya sosai, sai ka karanta a tsakiyar faɗin silinda. Karkatar gaba da baya ita ce mai wuya, domin tana ɗaga layukan gaba ko ta sauke su, kuma a hoto kama take da kuskuren kusurwa. Hoton da na ga hannu riƙe da silinda, nakan mayar da shi a sake.

Mataki na biyar: karanta, sannan ka gyara

Ga yadda na yi da wani hoto irin wannan. Na buɗe shi a kwamfuta cikin manhajar gyaran hoto da ke nuna lambar fiksel ɗin da linzami yake kai, wato ɗaya daga ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton. A irin waɗannan manhajoji lambar tsayi tana ƙaruwa ne zuwa ƙasa. Na auna komai a tsakiyar faɗin silinda. Layin 60 yana kan 1240, layin 70 yana kan 1030. Bambancin 210 ne, wato fiksel 21 ga kowace mililita. Gindin lanƙwasar yana kan 1108.

```
V = 60 + (1240 − 1108) ÷ 21 = 66.3
```

Dalilin da ya sa na ɗauki 60 da 70, ban ɗauki 10 da 100 ba, shi ne hoton da aka ɗauka kusa ko a karkace ba ya ba layukan sama da na ƙasa tazara ɗaya. Lambobi biyun da suka sa ruwan a tsakiya su ne abin dogaro. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya faɗaɗa hoton a waya ya aza rula a kan allo, lissafin bai sauya ba, milimita ce kawai ta maye gurbin fiksel.

Da a ce zoben da ke kusa da ruwan a rufe yake, da na tsaya a 66.3. Amma layukan wajen kwano ne a ajiye, kuma zoben 70 a buɗe yake: bayansa ya fito sama da gabansa da fiksel 34. Wannan buɗewar ita ce kuskuren da ya taru a faɗin silinda gaba ɗaya, daga gilashin gaba zuwa na baya. Gindin lanƙwasa yana tsakiya, don haka rabonsa rabi ne, fiksel 17. Goma sha bakwai a raba da 21 ya ba da kusan 0.8. Tun da kyamara tana sama, karatun ya yi yawa, sai a cire: 66.3 a ɗebe 0.8, saura 65.5.

Wannan gyaran kimantawa ce. Zoben 70 yana cikin iska, layin kallon da ya kai ga gindin ruwa kuma ya ɗan ratsa ruwa, ga shi zoben ba a daidai tsayin ruwan yake ba. Shi ya sa na rubuta wa ɗalibin 65.5, da yiwuwar kaucewar mililita ɗaya sama ko ƙasa, na kuma faɗa masa cewa daga hoto mai kusurwa aka ciro shi. A ra'ayina, idan buɗewar zoben ta wuce tazarar layi biyu, gara a sake hoton da a yi ta lissafi. Haka kuma idan babu zobe, layukan gajeru ne a gaba kawai, abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne ɓangaren da kuskuren ya karkata: "bai kai 66.3 ba", ko "ya fi haka".

Game da lambar da ke bayan ɗigo: a ido da ido ana koyar da a kimanta kashi ɗaya cikin goma na tazara, a rubuta 65.5 maimakon 65 ko 66. Wannan daidai ne, kuma idan ruwa ya zauna kan layi cak a rubuta 66.0. Amma kwamfuta za ta ba ka 66.2857, kuma rubuta wannan da'awa ce da hoton bai isa ya goyi bayanta ba. Idan kaurin layin awo a hoton fiksel huɗu ne, bakin lanƙwasa kuma ya yi dishi-dishi a kan fiksel biyar, to kana da shakkar kusan 0.2 tun kafin komai.

Wuri ɗaya da wannan kuskuren ke ɓoyewa shi ne awon girman dutse ta hanyar nutsar da shi. Ana ɗaukar hoto kafin a saka dutsen da bayan an saka, a cire na farko daga na biyu. Ɗalibai kan ce ai kuskuren zai share kansa tun da wayar ba ta motsa ba. Wayar ba ta motsa ba, amma ruwan ya hau, don haka `h` ya sauya. Idan ruwa ya tashi daga 50 zuwa 70, ya hau santimita 3.5, kuma a nisan santimita 30 wannan kaɗai yana sauya kuskuren da abin da ya kai 0.7 zuwa 0.9 na mililita. Dole a ɗaga kyamarar ta bi ruwan a hoto na biyu.

Idan kai ne za ka ɗauki hoton

Ajiye silindar a kan tebur mai lebur, ka jira ruwan ya natsu, kumfa ta fashe, abin da ya jiƙa jikin gilashi ya gangaro. Ja da baya zuwa kamar mita ɗaya, ka zuƙo hoton ya ninka girma sau biyu ko uku. A lissafinmu na ɗazu, santimita 5 ɗin nan a nisan mita ɗaya tana ba da kusan 0.4 ne maimakon 1.3, don haka nisa kaɗai ya rage kuskuren zuwa ƙasa da sulusi. Sannan ka ɗaga wayar ko ka sauke ta a hankali kana kallon zoben da ya fi kusa da ruwa, har gabansa da bayansa su haɗu. Idan ruwan yana ƙasa-ƙasa, kifa wayar kanta ya koma ƙasa domin idon ya kusanci tebur, ko ka jawo silindar kusa da bakin tebur ka ɗauka daga gefe. Jingina wayar da littattafai ya fi riƙe ta a hannu.

Kashe filasha. Sa farar takarda a bayan silinda. Idan kana son gindin lanƙwasar ya fito ƙarara, ja baƙin ɗauri mai faɗi a takardar, ka riƙe ta yadda bakin baƙin zai zauna ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa. Lanƙwasar za ta ɗauki baƙin ta yi duhu, ta rabu da farin da ke bayanta. Taɓa allon a kan lambobin domin kyamara ta kama su da kyau. Ka bar aƙalla lambobi biyu su fito, ɗaya sama da ruwa ɗaya ƙasa, kuma ka ƙara hoto na biyu da ya nuna silindar gaba ɗaya har da rubutun samanta da gindinta a kan tebur. Wajen turawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi, siraran layuka su narke.

Idan kana son sanin ko idonka da hotonka suna faɗin gaskiya, gwada su da sikeli. Auna busasshiyar silinda, zuba ruwa, sake aunawa, ka cire. A zafin digiri 20 mililita ɗaya ta ruwa tana da nauyin giram 0.998, a digiri 30 kuma kusan 0.996, wanda ya fi kusa da ruwan da ya wuni a ɗakunanmu lokacin bazara. Ruwan da nauyinsa ya kai giram 65.2 a digiri 30 ya kama mililita 65.5. Ɗauki hotonsa sau uku, ɗaya a daidai, ɗaya daga santimita biyar sama, ɗaya daga santimita biyar ƙasa, ka karanta kowanne, ka kwatanta da abin da sikeli ya ba ka. Daga nan za ka san nawa buɗewar zobe take jawowa a taka silindar, ka rubuta adadin a takarda ka manna a jikin akwatinta.